“Ba Ya Maida Hankali”: Me Ka Gani, Yallaɓai?

Ƙarshen shekara ne, sanyin hunturu ya fara shigowa, tebura sun cika da fom-fom na tantance ƙwazon ma'aikata. A lokacin ina aiki a sashen mulki na wata ma'aikata, kuma cikin ayyukana har da duba abin da shugabannin sassa suka rubuta a kan na ƙasa da su kafin a kai wa darakta ya sa hannu na biyu. Shugaban sashen rajista ya shigo da nasa tulin, dattijo ne mai kirki da ya kusa ritaya. Na buɗe na wani akawu da ke matakin albashi na 07. A gurbin sharhi ga abin da na tarar: “Kullum a makare yake zuwa. Ba ya maida hankali a kan aikinsa. Yana da girman kai.”

Na ce, “Yallaɓai, wannan akawun me ya yi?”

Ya dube ni kamar na tambaye shi ko ruwa na jiƙa kaya. Ya ce, “Haba Malam, ai kowa ya san halinsa.”

Na ce na ji, amma darakta bai san shi ba, kwamitin ƙarin girma da zai buɗe fayil ɗin bayan shekara biyu ma bai san shi ba. Abin da za su gani layuka uku ne kawai, kuma babu ɗaya a cikinsu da wani zai iya gaskatawa ko ya ƙaryata. Shi kansa akawun, in ya karanta, me zai gyara ranar Litinin? Dattijon ya yi shiru, sannan ya jawo kujera. Sai da muka ci kwana biyu a kan layuka ukun nan, kuma abin da ya fito daga ƙarshe bai yi kama da abin da ya shigo da shi ba.

Ga wanda bai taɓa aikin ofis ba, bari in ɗan yi bayani. A aikin gwamnati a Najeriya akwai rahoton da ake cikewa a kan kowane ma'aikaci sau ɗaya a shekara, wanda aka fi sani da APER. A da can rahoton sirri ne: shugaba ya rubuta abin da ya ga dama, a kulle a durowa, mai shi ya yi ta mamakin yadda sa'o'insa ke wuce shi. Kwamitin Jerome Udoji, wanda aka kafa a 1972 ya miƙa rahotonsa a 1974, shi ya ba da shawarar a koma rahoto a buɗe, ma'aikaci ya ga abin da aka rubuta a kansa ya sa hannu. Yawancin dattawa kuɗin Udoji suke tunawa da kekuna da rediyoyin da aka saya da su, amma wannan canjin ya fi kuɗin daɗewa. Kuma rahoton ba wasa ba ne. A tsarin da aka daɗe ana bi wajen ƙarin girman manyan ma'aikatan tarayya, jarrabawa na ɗaukar maki 70, wannan rahoto 20, daɗewa a aiki 10. Wanda ke tsakanin mataki na 07 da na 14 sai ya yi aƙalla shekara uku kafin ya cancanci matsawa gaba, don haka rahoto ɗaya mara kyau yana iya bin mutum har ɗakin tantancewa. A 'yan shekarun nan gwamnatin tarayya ta ɗauko sabon tsari da ake kira PMS, inda shugaba da ma'aikaci ke amincewa tun farkon shekara a kan abin da za a cim ma, sannan a auna da shi. Sai dai ko da tsohon fom ake aiki ko da sabo, a gwamnati ne ko a banki ko a makarantar kuɗi, akwai gurbin da dole mutum ya rubuta magana a kan mutum. A nan gizo ke saƙar.

Layi na farko: “kullum”

Mun fara da mafi sauƙi. Na ce a kawo rajistar sa hannun safe. Duk wanda ya yi aikin ofis ya san ta: dogon littafi mai baƙin bango a kan teburin bakin ƙofa, da biro ɗaure da zare don kada ya yi ƙafa. A ofishinmu ƙarfe takwas ake fara aiki, takwas da rabi a ja jan layi, duk wanda sunansa ya faɗo ƙasan layin ya makara. Muka bi shafi-shafi daga Janairu zuwa Nuwamba. Akawun ya sa hannu sau 221. Sunansa ya faɗo ƙasan jan layi sau 19.

Sau 19 ba kaɗan ba ne, amma ba kullum ba ne. Bai kai ɗaya cikin goma ba. Kalmomi irin su “kullum” da “ko da yaushe” da “bai taɓa ba” su ne na farko da ya kamata mai rubutu ya kora daga fom, domin rana ɗaya tak da ma'aikaci ya zo da wuri ta isa ta rusa maganar, kuma da zarar ya kama ka da ƙari a layi ɗaya, sauran ma ba zai yarda da su ba. Haka kuma adadi shi kaɗai ba ya tsayawa da ƙafarsa. “Ya makara sau 19” rabin magana ce. Cikin kwana nawa? Sha tara cikin talatin masifa ce, sha tara cikin 221 abin jan kunne ne.

Da muka ƙara duba ranakun sai wani abu ya bayyana: 13 daga cikin 19 ɗin duk a watannin Agusta da Satumba suke. Sauran shida ne suka warwatsu a wata tara. Na tambayi dattijon ko wani abu ya faru a lokacin. Ya dafa goshi, ya ce af, ai lokacin ne aka kwantar da iyalin yaron a asibiti, kuma ya zo ya gaya masa da baki zai riƙa biyawa ta can da safe, shi kuma ya ce ba komai. Ya manta ne kawai. Ba mugunta ba ce. Ƙwaƙwalwa ce ta riƙe kujerar da babu kowa a kanta da safe, ta saki dalilin.

Kafin mu rufe rajistar na yi abin da nake ganin wajibi ne, ko da yake shugabanni ba sa son sa: na ƙirga na sauran mutanen sashen. Mutum biyu sun fi shi makara, ɗaya sau 24, ɗaya sau 27, kuma fom ɗinsu ba a ce uffan a kan lokaci ba. Na ce, “Yallaɓai, ko dai a rubuta wa su ukun, ko a bar su ukun.” Mudu ɗaya ake auna wa kowa da shi. Hujja ta gaskiya ma tana zama zalunci in mutum ɗaya kaɗai aka nemo wa ita.

Ga yadda layin ya koma: “Daga Janairu zuwa Nuwamba ya sa hannu bayan ƙarfe takwas da rabi sau 19 cikin kwanakin aiki 221. Sau 13 daga ciki da izinina ne. Sauran shidan babu izini, kuma na yi masa magana a kai a watan Oktoba. Tun daga lokacin bai sake makara ba.” Mai karatu zai lura ba mu ambaci asibiti ba, ba mu ambaci iyalinsa ba. Rashin lafiya da sha'anin gida ba su da wuri a fom ɗin da zai bi hannu goma. “Da izinina” ta wadatar.

Layi na biyu, inda aikin yake

“Ba ya maida hankali” ita ce sarauniyar maganganun ƙarshen shekara. 'Yan'uwanta su ne “ba shi da himma”, “yana da sakaci”, “ba ya ɗaukar aiki da muhimmanci”. Abin da ya haɗa su shi ne duk hukunci ne a kan abin da ke cikin zuciyar mutum, wurin da shugaba bai taɓa leƙawa ba. Ba wanda ya taɓa ganin hankali ana maida shi ko ana ɗauke shi. Abin da ake gani shi ne wasiƙar da ta kwana biyar a kan tebur, ko lissafin da aka dawo da shi sau uku.

Wannan matsala ba tamu ba ce mu kaɗai, kuma ba yau ta fara ba. A lokacin yaƙin duniya na biyu, masana halayyar ɗan'adam da ke aiki da rundunar saman Amurka sun duba dalilan da ake rubutawa in an sallami ɗalibi daga makarantar koyon tuƙin jirgi. Sai suka tarar yawancinsu maganganu ne na jimla, irin su wai ba shi da baiwar tuƙi, ko bai iya yanke shawara ba, waɗanda ba sa nuna wa kowa abin da za a gyara a horon. Daga nan John Flanagan ya tsara wata hanya da ya bayyana a rubuce a 1954: maimakon a tambayi mai lura ra'ayinsa a kan mutum, a ce ya kawo wani lamari guda da ya faru, a wane hali, me mutumin ya yi, me ya biyo baya. Wasu daga cikin dabarun da ake koya wa shugabannin ofis yau a kan wannan batu jikokin wannan tunani ne. Mu kuma tuni muna da shi a taƙaice: gani ya kori ji.

Saboda haka na ce wa dattijon, “Ranar ƙarshe da ka ji a ranka cewa yaron nan ba ya maida hankali, me ke gabanka?” Wannan tambayar ta fi “kawo hujja” aiki, domin ba ta sa mutum ya fara kare kansa, tana maida shi wurin da abin ya faru ne. Nan take ya tuna. A watan Mayu wata wasiƙar gayyata zuwa kwas ta zo, aka shigar da ita rajista, amma ba ta isa ofishin darakta ba sai bayan ranar rufe karɓar sunaye. Ma'aikata biyu suka rasa kwas ɗin, darakta ya kira shi ya wanke shi tas.

Yanzu mun sami lamari ɗaya. Amma lamari ɗaya kuskure ne, ba hali ba, kuma kafin a ce wani ya gaza dole a san ma'aunin da ya gaza kaiwa. Na tambaya: kwana nawa aka ce wasiƙa ta yi a rajista? An taɓa gaya masa? Muka yi sa'a akwai takardar sanarwa ta cikin gida da aka fitar tun Janairu, mai cewa duk wasiƙar da ta shigo a shigar da ita a tura ta gaba cikin kwanakin aiki biyu, kuma akawun ya sa hannu ya gani. Da babu wannan takarda da maganar ta canja baki ɗaya, domin ba a tuhumar mutum da ƙetare iyakar da ba a shata masa ba. A irin wannan hali abin da ya dace shi ne a rubuta ma'aunin yanzu, a auna shi da shi baɗi.

Ba za mu iya bin wasiƙun shekara guda ba, sai muka ɗauki wata uku: Maris, Mayu da Oktoba. Da gangan muka warwatsa su. Shugaba in aka bar shi da kansa watanni biyu na ƙarshe kawai yake tunawa, ko kuma watan da aka ɓata masa rai. Muka ajiye rajistar wasiƙu masu shigowa kusa da littafin da masinja ke kaiwa a sa masa hannu, muna gwada ranar shigowa da ranar fita. Wasiƙu 120 ne. Guda 102 sun fita a kan lokaci, 18 sun wuce kwana biyu.

A nan ne na ga fuskar dattijon ta canja. Bakwai daga cikin 18 ɗin, ranar da akawun ya shigar da su ita ce ranar da ya ajiye su a tiren shugabansa, suna jiran ya rubuta wa za a kai wa. Can suka kwana, wata har mako guda. Laifi tudu ne. Amma na yaba masa, bai yi musu ba, cewa ya yi, “To, waɗannan nawa ne, cire su.” Saura 11 cikin 120, kuma wasiƙar kwas ɗin tana cikinsu. Wannan kam ta akawun ce.

Muka rubuta: “Ƙa'idar sashe tun Janairu ita ce a tura kowace wasiƙa gaba cikin kwanakin aiki biyu. A wasiƙu 120 da aka duba na watannin Maris, Mayu da Oktoba, 11 sun wuce wannan wa'adi a hannunsa, tsakanin kwana uku zuwa tara. Ɗaya daga cikinsu ita ce gayyatar kwas ta watan Mayu, wadda jinkirinta ya sa ma'aikata biyu suka rasa gurbi. Sauran sun bar hannunsa a kan lokaci, kuma ba a sami kuskuren lamba ko wasiƙar da ta ɓata a rajistarsa ba. Abin da ake buƙata baɗi: duk wasiƙa mai ɗauke da wa'adi ya sa mata alama ya kai ta ranar da ta shigo, sannan duk Juma'a mu duba abin da ya rage a tebur tare.”

A duba abin da ke cikin wannan sakin layi. Akwai ma'auni da ranar da aka kafa shi, akwai abin da ya faru da adadinsa da inda aka samo shi, akwai ɓarnar da ya jawo, akwai kuma abin da za a yi. Ɓarnar tana da muhimmanci, don ita ke bambanta ƙorafin aiki da son rai. In shugaba ya kasa faɗin wanda abin ya cutar ko aikin da ya tsaya, to watakila salon yaron ne kawai bai yi masa ba. Akwai kuma abin da ya yi daidai. Ba don a lallashe shi muka sa ba. Mun sa ne don gaskiya ce, kuma rahoton da ya ƙirga 11 ya yi shiru a kan sauran ɗari da wani abu ƙarya ya yi, ko da kowace kalma a cikinsa daidai take.

Wani zai ce ai sabon rubutun ya fi sassauci. Ni ban ga haka ba. Tsohon layin akawu na iya karkaɗe shi ya ce oga ne ba ya ƙaunata, abokansa ma su taya shi. Sabon kuwa ba inda zai ɓuya: ga rajista, ga rana, ga mutum biyu da suka rasa kwas.

Layin da ya mutu

Sai na uku, girman kai. Na yi masa tambayar da na yi a baya, ya yi ta kewaye-kewaye. Daga ƙarshe abu biyu suka fito. Na ɗaya, a wani taro a watan Yuni akawun ya ce sabon tsarin jera fayiloli da shugaban ya kawo zai rikita lambobi, kuma a gaban darakta ya faɗa. Na biyu, sauran yaran sukan shigo ofishinsa su gaishe shi da safe, wannan kuwa sai dai in sun haɗu a hanya.

Na ce, “Yallaɓai, ya ɗaga murya? Ya yi zagi? Ka ba shi umarni ya ƙi bi?” Ya ce a'a, tsarin ma ya bi shi, kuma daga baya sai da aka gyara lambobin. Na ce to ka ga za ka iya rubuta wa darakta cewa an rage wa ma'aikaci maki saboda ba ya zuwa gaisuwa? Ya yi dariya, ya ce a'a. Muka soke layin.

Ba na raina abin da ya ji. A al'adarmu gaisuwa ba ƙaramin abu ba ce, kuma yaro ya gyara wa babba magana a bainar jama'a yana da ciwo. Da ɗana ne da na ce masa ya fara samun ogansa a keɓe. Amma wannan nasiha ce ta tsakanin babba da yaro, a yi ta a ofis a rufe ƙofa. Fom ba wurinta ba ne. Ina ma zargin wannan layi na uku shi ne uban sauran biyun. Tun 1920 masani Edward Thorndike ya nuna, daga yadda hafsoshin soja ke ba na ƙasa da su maki, cewa in mai aunawa ya ɗauki mutum da kyau ko da muni a abu ɗaya, sai ra'ayin ya malale ya rina sauran makin duka, har waɗanda ba su da alaƙa da juna. Tun taron watan Yuni dattijon ya fara ganin makarar wannan yaro, ya daina ganin ta sauran biyun.

Wannan ba yana nufin ba a rubuta rashin ɗa'a ba ne. Ana rubutawa, amma ta hanya ɗaya da sauran. Da a ce akawun ya daka wa wani tsoho mai bin fayil ɗin fanshonsa tsawa, sai a rubuta ranar, da wurin, da kalmar da ya faɗa in an riƙe ta, da wanda ya gani, da matakin da aka ɗauka a lokacin. Ba a cewa “ba shi da tarbiyya”. Kuma “an ce” ba hujja ba ce. In wani ne ya kawo ƙara, ko dai ya rubuta ya sa hannu a bincika, ko maganar ta tsaya a inda aka ji ta.

Inda hanyar ke da ramuka

Ƙirge yana da daɗi, shi ya sa yake da haɗari. Shugaban da ya kamu da son adadi zai koma auna abin da ke ƙirguwa kawai. Malamin makaranta da bai taɓa makara ba amma ɗalibansa ba sa fahimtar komai zai fi wanda ya makara sau biyar yana koyarwa da gaske. Ma'aikaciyar jinya ba a auna ta da yawan allurai. A irin waɗannan ayyuka hujja ba lamba ba ce, misalai ne biyu ko uku da aka gani da ido aka rubuta da ranakunsu, daga sassa daban-daban na shekara.

Rami na biyu ya fi muni. Akwai shugaban da zai ji wannan bayani ya sayi littafi ya riƙa tara wa yaro laifuka a ɓoye daga Janairu, ya zazzage masa su a Disamba. Wannan kwanton ɓauna ne, ko da kowace rana da ya rubuta daidai ce. Ƙa'idar da nake bi ita ce kada wani abu ya shiga rahoton shekara wanda mai shi bai ji shi ba a makon da ya faru. Wasiƙar kwas ta shiga ne don an yi masa magana a kanta tun a Mayu. In laifin babba ne, kamar ƙin zuwa aiki ba izini, dokokin aikin gwamnati sun tanadi hanyarsa daban: a ba shi takardar tuhuma ya amsa a rubuce. Ba a jiran ƙarshen shekara a cusa shi a gurbin sharhi. Ranar da magana ta kai gaban kwamitin ladabtarwa ko Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, abin da za a nema shi ne takarda da rana da shaidar cewa an ba mutum damar kare kansa. “Kowa ya san halinsa” ba ta da nauyi a can.

Yabo ma haka yake, ko da yake ba mai kuka da shi. “Haziƙi ne, mai biyayya” da ake rubuta wa kowa ba ta ɗaga kowa. Wanda ya yi aiki da gaske shi ake cuta da ita, don an haɗa shi da malalaci a kwando ɗaya.

Ranar zama da akawun

Ba mu kai fom ɗin gaba ba sai da aka zauna da mai shi, domin ba a yi wa mutum aski a bayan idonsa. Dattijon ya ajiye rajistocin a buɗe a kan tebur ya miƙa masa takardar. Yaron ya karanta a tsaye, aka ce ya zauna, ya sake karantawa. Sai ya nuna wasiƙu biyu daga cikin 11 ɗin, ya ce, “Ranka ya daɗe, waɗannan makon da aka tura ni taya aikin tantance ma'aikata ne, ba na nan.” Aka duba takardar turawar, haka ne. Aka soke 11 aka rubuta 9. A kan wasiƙar kwas bai ce komai ba sai “wannan kuskurena ne”. A gurbin ra'ayin ma'aikaci ya roƙi a ba shi tire na daban na wasiƙu masu wa'adi, ya sa hannu.

Da layuka ukun farko aka miƙa masa, ba abin da zai iya nunawa da yatsa ya ce nan an yi kuskure. Sai dai ya sa hannu da ɗacin rai, ko ya ƙi sawa a ce ga girman kan ya fito.

Kai kuma ma'aikaci, in aka miƙo maka fom bana ka ga an rubuta “ba ya maida hankali” ko wata 'yar'uwarta, kada ka yi fushi, kada kuma ka sa hannu a tsaye. Ka ce, “Ranka ya daɗe, a taimaka mini da misali ɗaya ko biyu da ranakunsu, don in san abin da zan gyara.” In an kawo, ka duba su da takardunka. In ba a kawo ba, ka rubuta a gurbinka cewa ka nemi misali ba a ba ka ba, ka sa kwanan wata, sannan ka nemi kwafin fom ɗin ka ajiye a gida.